Tambayoyi uku da ba a yi wa ƙarya a ganawar neman aiki a ƙasar waje

A wannan makon wata wasiƙa ce ta zo mini daga Maiduguri, daga wata ma'aikaciyar jinya da ta roƙi in sakaya sunanta. Na ga ya dace mu tattauna a kanta tare, domin abin da ya dame ta ya shafi gidaje da yawa a yau. Ga abin da ta rubuto, na ɗan taƙaita shi:

"Anti, shekarata tara ina aikin jinya a wani asibitin gwamnati a nan Maiduguri. Maigidana ɗan kasuwa ne. Gobarar babbar kasuwa ta watan Fabrairun 2023 ta cinye masa shago, yana cikin farfaɗowa kuma ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumban 2024 ta shafe mana gida a Gwange. Muna da yara uku, autan watansa 14, yana shan mama. Akwai kuma 'yar yayana marigayi da nake riƙo tun tana rarrafe, sai mahaifiyata mai hawan jini da ciwon suga da ke zaune tare da mu. Yanzu wani asibiti mai zaman kansa a Saudiyya ya kira ni ganawa ta bidiyo. Ejan ɗin da ya haɗa mu ya ce in aka tambaye ni lasisi in ce komai ya kammala, in aka ce yaushe zan zo in ce nan da mako biyu, in aka tambayi iyali kuma in ce yarana duk sun girma, ba ni da wani nauyi. Ya ce in na isa can sai in san yadda zan janyo su. Anti, ina tsoron yin ƙarya, ina kuma tsoron gaskiya ta sa in rasa aikin. Yaya zan yi?"

Ƙanwata, Allah Ya mayar muku da alheri, Ya jiƙan yayanki. Kafin in ɗauki tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, akwai abin da nake so ki fara riƙewa. A ganawar neman aiki ta cikin gida, in mutum ya ɗan ƙara gishiri a maganarsa, sau da yawa a ɗakin take tsayawa. A ganawar aikin ƙasar waje kuwa, waɗannan amsoshi uku rubuta su ake yi. Da su asibitin zai nema miki biza, da su zai tsara irin kwantiragin da zai ba ki da irin masaukin da zai tanadar miki, da su kuma zai sa ranar da zai jira ki. Kowace amsa akwai takardar da za ta biyo bayanta, ko ta gaskata ki ko ta ƙaryata ki. Ejan kuwa ya karɓi la'adarsa tun ranar da kika sa hannu. Abin da ya biyo baya ke da yaranki ne za ku ɗauka.

Tambaya ta farko: kina da izinin aiki?

Mutane kan haɗa abubuwa uku wuri guda su kira su "takardu", alhali kowanne daban yake. Na farko lasisin sana'a, wato amincewar hukumar lafiya ta ƙasar cewa ke nas ce da za a iya ba ki majinyaci. Na biyu bizar aiki, wadda ba ke za ki nema da kanki ba, asibitin da ya ɗauke ki ne zai nemo ta da sunansa. Na uku iƙama, katin zama da ake yi miki bayan kin sauka. Duk wanda ke Maiduguri yau ba shi da na biyu da na uku, kuma masu ganawar sun san haka sarai. Ba sa tsammanin ki ce kina da su. Abin da suke son ji shi ne inda kika kwana a kan na farko.

A Saudiyya hukumar kula da ƙwararrun ma'aikatan lafiya ce ke ba da lasisin, kuma hanyar tana da matakai. Za a fara tantance takardunki ta hannun wani kamfani mai suna DataFlow. Shi ba ya tsayawa a kan kwafin da kika tura masa. Zai tuntuɓi makarantar da kika gama, da Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, da asibitin da kika ce kina aiki, ya tambaye su ko da gaske ne. Daga nan ki buɗe rajista a shafin hukumar mai suna Mumaris Plus, sannan ki zauna jarrabawa a cibiyar Prometric. Kowane mataki yana da lamba ko rahoton da mai ganawa zai iya cewa ki turo masa kafin ki tashi daga gaban kwamfuta. To in kin ce komai ya kammala, ya ce turo rahoton, me za ki tura?

Amsar gaskiya ba ta da wuya, kuma ba ta rage miki daraja. Ki ce: "Lasisina na Najeriya yana nan, na sabunta shi. Na tura takarduna a tantance ranar kaza, makarantata ta riga ta amsa, ana jiran asibitina. Jarrabawa ban zauna ba tukuna, ina shirin zama a wata kaza. Ba ni da bizar aiki ko iƙama, zan buƙaci ku nema mini." Wanda ya saba ɗaukar ma'aikata daga waje, irin wannan amsa yake so, domin ta nuna masa kin san hanyar, ta kuma ba shi abin da zai yi lissafi da shi.

Akwai wurin da mutanen Maiduguri ke buƙatar kulawa ta musamman. Gidaje da yawa sun rasa takardu, wasu lokacin gudun hijira daga Bama ko Gwoza a 2014, wasu a ambaliyar 2024. Sai ka ga satifiket ɗin makaranta da suna ɗaya, fasfo da wani rubutun sunan, ranar haihuwa kuma ta takardar rantsuwar kotu ta saɓa da wadda ke katin ɗan ƙasa. In kina cikin wannan hali, kada ki bari wani ya buga miki "sabo" a shagon kwamfuta. Ki koma makarantar ki nemi takardar tabbatarwa, ki yi rantsuwa a kotu a kan saɓanin sunan, sannan ki faɗa wa masu ganawar tun farko cewa asalin takardar ruwa ya ci, ga abin da ke hannunki a madadinta. Haka ma shekarun aiki. In kin taɓa zama a gida shekara guda bayan haihuwa ko lokacin rikici, kada ki cike gurbin a takarda kamar kina aiki, domin ranakun da ke fayil ɗinki a asibiti su za a tura. Wannan kamfanin tantancewa shi ne kuma ke yi wa hukumomin lafiya na wasu ƙasashen yankin aiki, irin su Qatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Mummunan rahoto ɗaya yana iya rufe miki ƙofa fiye da ɗaya.

Sannan in wani ya ce ki shiga da bizar Umara ko ta ziyara, wai a can za a juya ta ta zama ta aiki, ki rufe maganar nan take. Waɗannan bizoji ba su halatta aiki ba. Mu da muka taso muna jin labarin zaman takari, mun san yadda yake ƙarewa: ɓuya, kamu, sannan a dawo da mutum da kayan jikinsa. In kuma kin taɓa wuce wa'adin biza a wata tafiya a baya, ki faɗa in an tambaye ki. Hoton yatsunki yana wurinsu tun wancan lokacin.

Gwajin lafiya ba ya jin magiya

Tunda filin lafiya muke, bari in tsaya a nan kaɗan. Kafin a buga bizar aikin Saudiyya sai an yi gwajin lafiya a asibitin da suka amince da shi, kuma bayan an sauka ana sake yi kafin a ba da iƙama. Cikin abin da ake dubawa akwai ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da tarin fuka ta hanyar hoton ƙirji. Mata kuma ana yi musu gwajin ciki. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a yankinmu, kuma mutum yana iya ɗauke da shi shekaru ba tare da ya ji komai ba. Ga ma'aikacin lafiya, samun sa a jini yakan hana bizar.

Don haka shawarata ga ke da duk mai wannan niyya: kafin ki ba ejan ko kwabo, kafin ki sayar da fili ko ki ci bashi, ki je ki yi waɗannan gwaje-gwaje da kanki a nan gida. In sakamakon ya fito lafiya, alhamdu lillahi. In an ga wani abu, kin tsira da kuɗinki, kin kuma san abin da za ki fara nema wa magani. Masu cewa za su "gyara" sakamako a nan ba su da iko a kan gwajin da za a sake yi a can, kuma wanda ya faɗi gwajin can, jirgi ake sa shi ya dawo, bayan ya riga ya ajiye aikinsa na gida.

Batun ciki kuma, mai shayarwa tana iya ɗaukar ciki ba ta sani ba, musamman bayan yaro ya wuce wata shida ya fara cin abinci. Ki duba kafin ranar gwaji. In akwai, ki faɗa, domin hoton ƙirji abu ne da ake kaffa-kaffa da shi ga mai ciki, kuma gara a ɗaga miki tafiyar da a gano a can. Ku zauna da maigida tun yanzu ku yi maganar tazarar haihuwa, kada lissafi ya rikice a tsakiyar hanya.

Tambaya ta biyu: yaushe za ki iya zuwa?

Mako biyun da ejan ya faɗa miki, bari mu auna shi. Tantance takardu kaɗai yakan ɗauki makonni, wani lokaci ya haura wata biyu, domin ya danganta da saurin amsar makaranta da asibiti. Jarrabawa sai an samu gurbi an kuma yi karatu. Fasfo in ya kusa ƙarewa sai an sabunta, domin ana son ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Ga gwajin lafiya, ga buga biza, kuma ofishin jakadancin Saudiyya yana Abuja, ƙaramin ofishinsu yana Kano, ke kuma kina Maiduguri. Ko wata biyu mutum ya ce, ya yi ganganci.

Sai kuma aikin da kike kai yanzu. A watan Maris na 2024, Ƙaramin Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Tunji Alausa, ya bayyana cewa ma'aikacin lafiya na gwamnatin tarayya da zai tafi aiki ƙasar waje sai dai ya ajiye aikin, ba za a ba shi hutun dogon lokaci ya riƙe gurbin ba. In asibitinki na jiha ne, ki tambayi ofishin ma'aikata abin da dokarsu ta ce. Ki buɗe takardar ɗaukarki aiki ki ga sanarwar wata nawa ake buƙata kafin ajiye aiki. In gwamnati ta taɓa tura ki ƙaro karatu da albashi, ki duba ko akwai sauran shekarun da kika sa hannu za ki yi mata. Wanda ya sulale ba sallama, wannan asibitin da ya bari ba shiri shi ne za a tambaya shaidar aikinsa, yau ko shekara biyar masu zuwa. Kuma abokan aikin da kika bari a ɗakin majinyata su ne za su raba aikinki a tsakaninsu, sun cancanci a ba su lokaci.

Ga autanki kuma. Yaro ɗan wata 14 da ke shan mama ba a yaye shi a mako biyu a kuma ɗauke masa uwa a lokaci guda. Yaye na gaggawa yakan zo da ƙin cin abinci da rama da gudawa, ita uwar kuma ga kumburin mama da zazzaɓi. Ana rage shayarwa ne sannu a hankali cikin makonni, ana ƙara masa abinci mai gina jiki, yana kuma sabawa da hannun da zai riƙe shi tun kina nan. Akwai allurar ƙyanda ta biyu da ake yi a wata 15, ki tabbatar an yi masa ita, katin rigakafin kuma ya kasance a hannun wanda zai kula da shi.

In kin haɗa waɗannan duka, ki ba su lokacin da za ki iya cikawa, ki kuma faɗi abin da ya dogara a kai: "In rahoton tantancewa ya fito a wata kaza, na ci jarrabawa, zan ba asibitina sanarwa, ina sa ran zan iya sauka cikin wata huɗu zuwa biyar." Kada ki ajiye aiki sai kwantiragi ya zo a rubuce, gwajin lafiya ya fito, biza ta kusa ko ta fito. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Asibitin da kika ce wa mako biyu zai sa sunanki a jadawalin aiki, in ranar ta zo ba ki zo ba, kin fara zama da su a matsayin wadda maganarta ba abin dogaro ba ce.

Tambaya ta uku: wa zai biyo ki?

Nan ne shawarar ejan ta fi haɗari. A Saudiyya kwantiragin ma'aikatan lafiya iri biyu ne, kuma za ki ga an rubuta a takardar da Turanci. Akwai "single status", wato ke kaɗai: ɗaki a gidan ma'aikata, sau da yawa tare da wasu nas-nas, da tikitin mutum ɗaya. Akwai "family status", wanda ke ba da damar zama da iyali. Likitoci manya su suka fi samun na biyun. Nas-nas galibi na farkon ake ba su, ko suna da aure ko ba su da shi. Gidan ma'aikata kuwa ba a zama da miji ko yara a cikinsa. Saboda haka maganar "in kin isa sai ki janyo su" ba ta da tushe in takardar ba ta faɗa ba.

A ce ma an yarda ki kawo su da kuɗinki. Tun watan Yulin 2017 Saudiyya ta sa haraji a kan iyalan baƙin da ke aiki a kamfanoni masu zaman kansu. Ya fara da Riyal 100 a wata ga kowane mutum, ya riƙa hawa har ya kai Riyal 400 a 2020. Ke da maigida da yara uku, mutum huɗu ke nan a ƙarƙashinki: Riyal 1,600 a wata, Riyal 19,200 a shekara. A ce, a misali, albashin da aka rubuta miki Riyal 6,000 ne. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi ke nan, ba a yi maganar hayar gida ba, ba a yi ta inshorar lafiyarsu da kuɗin makaranta ba. Maigida kuma da ya shigo a matsayin na ƙarƙashinki ba zai buɗe shago ya kama kasuwanci da wannan iƙamar ba. Wannan lissafi da shi za ku zauna ku yi, da takarda da biro, kafin ranar ganawa.

Mama kuwa, abin da aka saba ba iyaye shi ne bizar ziyara ta ɗan lokaci. Don haka tambayar da ke gabanku ita ce wa zai riƙa auna mata jini da suga, wa zai karɓo magani in ya ƙare, wa zai raka ta asibiti ranar ganin likita. A sa sunan mutum, a gaya masa, ya amsa. "'Yan uwa suna nan" ba tsari ba ne. Ki rubuta sunayen magungunanta da yadda take shan su a takarda ɗaya, ki damƙa wa wannan mutumin.

Sai 'yar yayanki. A Borno babu unguwar da ba a riƙon marayu, kuma a wurinmu ɗan riƙo ɗa ne. Amma ofishin jakadanci takardar haihuwa yake karantawa, ba zumunci ba. Za a samu mai ba ki shawara ki je a yi mata sabuwar takardar haihuwa da sunan maigidanki. Kada ki yarda. Addini bai yarda a jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba, doka ma ta ɗauke shi jabu, kuma ranar da za a raba gadon mahaifinta ko a ɗaura mata aure wannan takarda za ta zame mata matsala. Hanyar da ta dace ita ce ki samu takardar kotu da ta nuna ke ce mai riƙonta, da shaidar rasuwar mahaifinta, da yardar mahaifiyarta in tana raye, sannan ki tambaya a rubuce ko za a karɓe ta. Ki shirya wa amsar a'a, ki kuma tanadi inda za ta zauna ba tare da ta ji an ware ta ba.

To me za ki ce a ganawar? Ki ce: "Ina da aure da yara. Na shirya zuwa ni kaɗai a shekarar farko, mun tsara wanda zai kula da su, maigidana ya amince. Ina so in san kwana nawa ne hutun shekara, wa ke biyan tikiti, yaya ake ba da izinin fita in wani abu na gaggawa ya taso a gida, kuma ko akwai damar komawa kwantiragin iyali daga baya." Amma fa kada ki faɗi haka sai in da gaske kun tsara, da gaske kuma ya amince. Mace ta ce wa baƙo mijinta ya yarda alhali ba ta gama magana da shi ba, wannan ƙarya ce da gida za ta fara ci kafin ta isa ofis. Kuma dalilin tambayar izinin fita shi ne, a watannin gwaji na farko, wanda dokar ƙwadagon ƙasar ta yarda ya kai kwana 180, kowane ɓangare yana iya raba gari cikin sauƙi. In yaro ya kwanta ciwo a wata na biyu, wadda ta ce ba ta da ƙaramin yaro da wane baki za ta nemi a bar ta ta je gida?

Faɗin gaskiya ba tona asiri ba ne

Kada a fahimce ni a kan cewa sai kin zazzage musu duk abin da ke cikinki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Bashin da ke kanku, da shagon da ya ƙone, da saɓanin da kuka yi da dangin miji a kan tafiyar, babu ruwan mai ganawa da su. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne: duk abin da zai shiga takardar biza ko kwantiragi, ko zai canza ranar zuwanki, ko zai fito a gwajin lafiya, a faɗe shi daidai. Abin da bai shafi waɗannan ba, kina da ikon yin shiru, ko ki ce wannan harkar gida ce kuma ba za ta taɓa aikinki ba.

Ga masu kallon Birtaniya, al'adar ganawarsu daban ce. Dokar daidaito ta 2010 ta hana a ƙi ɗaukar mutum saboda aure ko ciki, don haka mai ganawa na kirki ba zai ma tambaya ba. Amma fom ɗin biza zai tambaya, kuma wanda aka kama da yaudara a cikinsa ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara 10. Daga 11 ga Maris, 2024 masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya ba sa tafiya da iyali, a watan Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Nas mai rajista har yanzu tana iya tafiya da iyali, sai dai a ƙa'ida ba a ba yaro biza in ɗaya daga cikin iyayensa zai zauna a gida, sai in an tabbatar ɗayan ne kaɗai ke da alhakinsa ko akwai wani dalili mai ƙarfi. Mai mata biyu kuma ɗaya kawai za a karɓa. Magidanci ya san wannan tun kafin ya yi wa kowace alkawari. Waɗannan dokoki suna yawan canzawa, a duba shafin gwamnatin ƙasar a ranar da za a cike fom, kada a dogara da abin da wani ya ji bara.

Ƙanwata, ba zan ce miki gaskiya ba ta taɓa sa a rasa aiki ba. Akwai asibitin da ke son wanda zai sauka wata mai zuwa, in kin ce wata huɗu zai ɗauki wata. In hakan ta faru, kin rasa aikin da dama ba za ki iya cika sharaɗinsa ba, kuma har yanzu kina da aikinki na gida, da sunanki mai kyau, da rahoton tantancewa da sakamakon jarrabawar da za ki nuna wa asibiti na gaba. Wadda ta bi shawarar ejan kuwa, in abin ya warware, tana iya rasa na can da na nan a lokaci guda.

Shi ejan ɗin ma ki tambaye shi lasisinsa, domin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke ba kamfanonin samar da aiki izini. Ki kuma nemi kwantiragin ya zo miki kai-tsaye daga asibitin, ki karanta shi da idonki, ki ba wani wanda ya taɓa aiki a can ya duba miki. Wanda ya koya miki yi wa asibiti ƙarya, ki ɗauka ke ma akwai abin da bai gaya miki ba.

Allah Ya zaɓa miki abin da ya fi alheri, Ya ba Mama lafiya, Ya raya mana zuri'a. Masu karatu da suka taɓa shiga irin wannan ganawa, musamman ma'aikatan lafiya da ke Saudiyya yanzu, ku rubuto mana yadda kuka yi da batun yara, domin wasu su amfana. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.